Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin ƙungiyar iyaye da malamai ta makarantarmu, a kan minits ɗin taron da ya gabata

Assalamu alaikum Ranka ya daɗe Ciyaman, Malam Sakatare, Hajiya Ma'aji, da sauran 'yan kwamiti, da shugaban makaranta. Ina fatan kuna lafiya, ya ƙoƙari, Allah ya saka.

Na karanta minits ɗin da kuka rabo mana na taron da aka yi kan kuɗin makaranta da gyaran gini, kuma ina roƙon kada a gabatar da shi don amincewa a taro na gaba sai an gyara sakin layi na huɗu da na biyar. Na zaɓi in yi maganar a fili ne saboda takardar ta kowa ce, kowane uba da kowace uwa da ita za a kama su ranar biya, kuma da yawa daga cikinmu ba su samu zuwa ba, abin da suka gani a rubuce shi ne kawai abin da suka sani.

Ga abin da sakin layi na huɗu ya ce, na kwafo shi yadda yake: "Bayan doguwar tattaunawa, iyaye sun amince da ƙarin kashi 15 cikin 100 a kan kuɗin makaranta domin gyare-gyare da sauran buƙatu." Shi ke nan fa. Layi ɗaya, bayan an cinye shafi guda da rabi ana ba mu labarin wanda ya buɗe taro da wanda ya yi jawabin maraba da wanda ya yaba wa malamai. Malam Sakatare, ban ce ka yi ƙarya ba, an yi doguwar tattaunawa kam, har wasu suka fara tashi. Amma abin da na ji da kunnena a zauren nan shi ne za a tara kuɗi na wani ɗan lokaci a gyara rufin bulok ɗin ƙananan azuzuwa da ke yoyo, in an gama a daina. Abin da aka rubuta kuma ƙari ne a kan kuɗin makaranta, babu ranar farawa babu ranar ƙarewa, kuma an liƙa masa "da sauran buƙatu" a wutsiya. Waɗannan abu biyu ne daban, kuma bambancinsu a aljihunmu zai fito.

Bari mu yi lissafin tare don kada a ce surutu nake. A ce kuɗin zango ɗaya 100 ne, don sauƙin lissafi. Ƙarin 15 ya mai da shi 115. Yaranmu a rajista kusan 400 ne, to 15 sau 400 ya ba da 6,000 a kowane zango. Shugaban makaranta da bakinsa ya ce a taron nan aikin rufin zai ci kamar abin da za a tara a zango biyu, wato wajen 12,000 a wannan ma'aunin namu. Na san ba kowa ke biya a kan lokaci ba, akwai marayu da aka yafe wa, akwai masu yara uku huɗu da ake rage wa, to mu ce yara 320 ne kawai za a biya wa. Zango ɗaya 4,800 ke nan, zango biyu da rabi an haɗa 12,000. Ko da an ja an ja, zango uku ya isa har da ragowa. To zango na huɗu fa, me za a gyara da shi? A yadda aka rubuta minits ɗin nan babu abin da zai tsayar da karɓar 15 ɗin nan a zango na huɗu da na goma, don takarda ta ce kuɗin makaranta ne aka ƙara, kuma ni dai ban taɓa ganin kuɗin makaranta ya hau ya sauko da kansa ba.

Kuma abin bai tsaya nan ba. Nan da shekara ɗaya ko biyu in an zo ana neman ƙarin kashi 10 saboda albashin malamai, wanda hakkinsu ne ba na musu, a kan wane kuɗi za a ɗora? In 15 ɗin gyara a ware take, kashi 10 na 100 ne, a biya 110. In ta narke a cikin kuɗin makaranta, kashi 10 na 115 ne, a biya 126 da rabi. Bambancin 16 da rabi ne a kan kowane yaro a kowane zango, na rufin da aka riga aka gama aka manta da shi. Kuma lokacin wataƙila ba ku ne a kwamiti ba, shugaban makaranta ma an canza shi, sabon bursa zai buɗe fayil ya ga "iyaye sun amince", ba wanda zai tsaya yana tambayar me aka faɗa da baki.

Shi ya sa nake cewa minits ba labarin taro ba ne, abin da aka yanke ake rubutawa, da kalmomin da aka yanke shi. Ƙuduri irin wannan da ya shafi kuɗi ya kamata mai karatu ya ga wa ya kawo shi, wa ya mara masa baya, me ƙudurin ya ce kalma da kalma, mutum nawa suka ɗaga hannu suka yarda, nawa suka ƙi, nawa suka yi shiru. A namu babu ko ɗaya. An rubuta "iyaye da dama sun halarta", to da dama nawa? Akwai takardar da muka sa hannu a bakin ƙofa, a ƙirga mana a rubuta. Tsarin mulkin ƙungiyarmu ya faɗi adadin da sai ya cika kafin taro ya iya yanke hukunci, kuma abin dubawa shi ne adadin waɗanda ke zaune lokacin da aka ɗaga hannu, don duk wanda ya je ya ga yadda bencinan baya suka yi fayau kafin a iso maganar kuɗi, da yake an ajiye ta can ƙarshen ajanda. In adadin bai cika a lokacin ba to abin da aka yi shawara ce, sai a sake kawo ta. Ba abin kunya ba ne, gara a sake zama na awa ɗaya da a shekara ana rigima a ofishin bursa.

Ga yadda nake ganin ya kamata sakin layin ya kasance, in har abin da aka yarda da shi ke nan: "An amince a karɓi gudummawar gyara ta musamman, daidai da kashi 15 cikin 100 na kuɗin zango na yanzu, a kan kowane ɗalibi, na zango uku kacal daga zango mai zuwa. Kuɗin na gyaran rufi da silin na bulok ɗin ƙananan azuzuwa ne kaɗai. Za a rubuta shi a layinsa daban a takardar biya, a ba da rasit ɗinsa daban, a ajiye shi a asusun ƙungiya. Duk abin da ya rage bayan aiki sai babban taro ya faɗi yadda za a yi da shi." Layi biyar ne ko shida. "Da sauran buƙatu" kuwa a cire ta gaba ɗaya, domin jumla ce da za ta iya ɗaukar man janareta da kujerun ofis da walimar ƙarshen shekara, kowanne kuma in ka tambaya za a ce maka ai buƙata ce.

Hajiya Ma'aji, wannan gyaran ke zai fi karewa. In kuɗin ya shiga asusu ɗaya da kuɗin makaranta, ranar da albashi ya matse za a ce a ɗan ara a mayar, kuma ke kin san yadda aron nan yake ƙarewa, sai ranar da kafinta ya zo karɓar kuɗin katako a juyo ana kallonki. Asusu daban, mutum biyu ko uku ke sa hannu kafin a fitar da komai, a ciki akwai na iyaye akwai na makaranta, kuma a kowane taro a zo da takardar banki ta asali a ajiye a tebur kowa ya gani. Lissafin da aka buga a takarda aka karanto mana da baki bai isa ba. Minits ɗin ya ce "ma'aji ta gabatar da rahoton kuɗi kuma an gamsu", amma bai faɗi nawa ke asusu ranar taron ba. Wannan lamba ɗayar a rubuta ta, daga kanta za a fara ƙirga duk abin da ya shigo daga baya.

Yanzu sakin layi na biyar, wanda shi ya fi ɗaga min hankali ma. Ya ce: "Za a fara da fenti da sauya silin domin makaranta ta yi kyau kafin ranar rabon kyaututtuka, daga baya a duba rufi da tsagewar bango." Don Allah Ranka ya daɗe wa ya kawo wannan jerin? Ni ban ji an ɗaga hannu a kansa ba, wani ne ya faɗa a cikin magana aka wuce. Kuma ko waye ya faɗa, aikin a juye yake. Silin ɗin nan bai lalace don tsufa ba, ruwa ne ke sauka a kansa daga sama. Ku shiga aji na biyu daga ƙarshe ku ɗaga kai, za ku ga tabo ruwan ƙasa zagaye zagaye, wani a cikin wani, kowane zagaye ruwa ɗaya ne da ya jiƙa ya bushe, kuma allo biyu sun yi ciki sun sauko har malamar ajin ta janye bencinan da ke ƙarƙashinsu ta matse yara a gefe ɗaya. In aka sa sabon silin aka shafa fenti a ƙarƙashin wannan kwanon, ruwan farko zai mayar da mu inda muka fito, kamar mai shara ne yana fuskantar iska. Gyaran gini daga sama ake faro shi, a gyara katako da kwano a tsayar da ruwa tukuna, sannan silin, sannan filasta, fenti shi ne na ƙarshe.

Kuma "gyaran rufi" ma ba magana ɗaya ba ce, shi ya sa ƙiyasin baki ba ya isa. Yoyo kan zo ta wurare kaɗan da aka sani. Ko ƙusa ta saki ramin ta ya faɗaɗa, ko tun farko an buga ta a kwarin kwano inda ruwa ke bi maimakon a kan tudunsa, ko inda kwano ya hau kan kwano bai hau sosai ba iska na tura ruwa ta ƙarƙashi, ko hular saman rufin ta ɗaga, ko kuma kwanon kansa ya yi tsatsa ya huje. Huɗun farko gyara ne mai sauƙi, na ƙarshen ne ke sa a sauya kwano. Hanyar ganewa ba ta da wuya, a cire allon silin ɗaya da tsakar rana mutum ya leƙa ciki, duk inda haske ke shigowa nan ruwa ke shigowa. A kuma riƙe sukudireba a soka wa katakon, musamman inda rafta ta zauna a kan bango da inda tabon ruwa yake, in ya shige ba tare da an matsa ba to katakon ya ruɓe ko gara ta cinye cikinsa ta bar ɓawo. Wannan shi ke raba ƙaramin aiki da babba, domin in katako ya mutu, sabon kwano ba shi da abin riƙewa, iska mai ƙarfi ɗaya za ta yaye shi da ƙusoshinsa. To wa ya hau ya duba kafin a ce mana kuɗin zango biyu? Minits bai faɗa ba, kuma babu wata takardar ƙiyasi da aka liƙa masa.

Wani abu a gefe amma kada a raina shi, bulok ɗin nan tsoho ne, kuma tsofaffin allunan silin da yawa akwai wani sinadari mai cutarwa da ake kira asbestos a cikinsu. Yana zaune a wurinsa ba a taɓa shi ba matsalarsa kaɗan ce, amma in aka farfasa shi a bushe ƙurarsa na shiga huhu, kuma cutar da yake jawowa sai bayan shekaru masu yawa take bayyana. A sa wanda ya sani ya duba irin allon kafin a taɓa. In shi ne, sai lokacin hutu da babu yaro ko ɗaya, a jiƙa shi a sauke shi ɗungurungum ba a fasa ba, kuma kada a jibge shi a bayan aji yara su mai da shi abin wasa.

Tsagewar bango kuma da aka tura "daga baya", ita ya kamata a fara kallo tun yanzu don kallon ba ya cin ko sisi. Tsaga siririya kamar gashi da ke yawo a fuskar filasta ba abin tsoro ba ce, filasta ce ta bushe ta ja. Amma wadda ke bangon ƙarshe na bulok ɗin ta taso daga kusurwar taga ta gangara a karkace, ana ganinta ta ciki ana ganinta ta waje a wuri ɗaya, wato ta ratsa bulo, kuma tagar da ke wurin ta daina rufuwa daidai. Irin wannan takan nuna ƙasa na motsi a ƙarƙashin fandisho, kuma sau da yawa ruwan da ke zubowa daga rufi ya kwanta a gindin bango ne ke jawo ta, kun ga maganar ta sake komawa kan rufi da magudana. Abin da nake roƙo kawai, a ja layi da fensir a inda ta tsaya sama da ƙasa, a auna faɗinta da rula a rubuta kwanan wata a gefe, a riƙa dubawa duk wata. In ta wuce layin ko tana ƙara buɗewa, ko faɗinta ya haura milimita 5, to ta wuce a kira birkila ya cusa mata siminti, injiniya za a kira, kuma a fitar da yara daga ajin har ya zo. In aka shafe ta da filasta da fenti saboda ranar rabon kyaututtuka, mun rufe wa kanmu ido ne, bangon zai ci gaba da abin da yake yi a ƙarƙashi.

Saboda haka ina roƙon minits ya nuna cewa ba za a fitar da kuɗi ba sai an kawo ƙiyasi a rubuce daga mutum uku daban daban, kuma dukkansu a kan aiki iri ɗaya, wato kwamiti ne zai rubuta abin da ake so, kwano nawa kuma mai wane kauri, katako nawa kuma an yi masa maganin gara, silin nawa, ladan aiki daban kuɗin kaya daban. In ba haka ba ɗaya zai kawo na faci ɗaya ya kawo na sauya rufi duka, a ce wai an kwatanta an ɗauki mai araha. A ware kamar kashi 10 cikin 100 a gefe saboda abin da za a tarar in an buɗe rufi, don kusan kullum sai an tarar da wani abu, amma shi ma sai da sa hannun kwamiti za a taɓa. Biya kuma kashi kashi, kafin alƙalami na sayen kaya, wani in an gama katako an duba kafin a rufe shi da kwano, wani in an gama, sannan a riƙe kamar kashi 5 sai rufin ya sha ruwan damina an ga bai ɗiga ba. Wannan riƙon shi ke dawo da ɗan kwangila in an kira shi, in an sallame shi tas to wayarsa ma sai ta daina shiga. Kuma in wani ɗan kwamiti yana da dangantaka da ɗaya daga cikin masu neman aikin, ya faɗa a rubuta, ya fita lokacin da ake zaɓa. Ba zargin kowa nake ba, amma in an rubuta an huta da tsegumi a bakin get.

Na san wani zai ce ai gyaran gini hakkin masu makaranta ne ba na iyaye ba, kuma wata uwa ta faɗi haka a taron nan a fili, har ta tambaya me makaranta za ta sa daga nata ɓangaren. Tambayarta ba ta shiga minits ba, amsar da aka ba ta ma ba ta shiga ba, alhali shugaban makaranta ya ce su za su ɗauki ladan ma'aikata mu mu ɗauki kaya. In haka ne to wannan alkawari ne kuma yana canza lissafin da muka yi a sama, don in 12,000 ɗin nan har da ladan aiki a ciki, abin da ya hau kanmu bai kai haka ba, wataƙila zango biyu ma ya wadatar. Ranka ya daɗe shugaban makaranta, ka tabbatar mana da wannan a rubuce a shigar da shi. Haka nan maganar masu yara da yawa da waɗanda ba su da hali, an ce "za a duba", to a rubuta wa zai duba da kuma yaushe, kuma a rubuta ƙarara cewa ba za a kori yaro daga aji ko a hana shi jarabawa saboda gudummawar gyara ba, tunda haka aka faɗa.

Malam Sakatare, minits daftari ne har sai taro na gaba ya karanta ya amince ciyaman ya sa hannu, don haka ƙofar gyara a buɗe take kuma ba sai an ji kunyar kowa ba. Ina roƙon ka duba littafin da ka yi rubutu a ciki ranar da takardar halarta, ka fitar da gyararren kwafi a rabo mana aƙalla mako ɗaya kafin taron, tare da ƙiyasin in sun samu. A sa maganar kuɗi a farkon ajanda wannan karon lokacin da zaure ke cike. Kafin nan kuma a gaya wa bursa ya dakata da buga takardun biya na zango mai zuwa da 115 a layi ɗaya, don na ji an ce har an fara shirya su.

Na gode, Allah ya ba ku ikon sauke nauyin da kuka ɗauka.

Naku,
Ɗaya daga cikin iyayen yaran ƙananan azuzuwa